Ra'ayi: Hoton Da Ya Fi Kyau Ba Shi Ya Kamata A Bai Wa Manhajar Zana Fuska Ba

Duk wanda ke bibiyar shafukan matasan Jega, Aliero da Maiyama a Facebook ko TikTok ya san irin hotunan da ake yayi yanzu. Saurayi ya fito cikin kwat da lakataye a wani ofis mai gilasai, ko budurwa cikin rigar kammala digiri, alhali ba a ɗinka kwat ɗin ba, ba a kuma shiga ofis ɗin ba. Manhajar ƙirƙirarriyar basira ce aka bai wa hoton fuska, ita kuma ta zana sauran. Sai dai a ƙarƙashin irin waɗannan hotuna ba a rasa wanda zai tambaya: wannan kuma wane ne? Kayan sun yi kyau, wurin ya yi kyau, amma fuskar ta wani ce daban. Hancin ya sauya, fatar ta yi haske, wushiryar ta toshe, zanen gado ya ɓace.

Idan haka ta faru, abin da aka saba yi shi ne a zagi manhajar, a sauke wata, a sake ƙona data. Gaskiyar magana ita ce, sau da yawa matsalar ta faro ne tun kafin a buɗe manhajar, a daidai lokacin da mutum ya shiga ma'ajiyar hotunansa ya zaɓi wanda zai ɗora. Kusan kowa yakan zaɓi hoton da ya fi yi masa kyau: na ranar sallah, na wurin biki, wanda aka ɗauka daga sama aka kuma wanke shi da filta. Wannan shi ne kuskuren. Manhajar ba kyau take nema a hoton da aka ba ta ba, domin kyau aikinta ne. Bayani take nema, kuma hoton da ya fi ɗauke da bayanin fuska yawanci shi ne wanda mai shi ba zai taɓa sa shi a sitatus ba.

Abin da manhajar ke gani

Manhajojin nan iri biyu ne. Akwai masu neman hotuna da yawa su yi nazarinsu, kamar yadda Lensa ta yi lokacin da ta yi tashe a ƙarshen 2022, inda take neman hoto 10 zuwa 20 na mutum ɗaya. Akwai kuma masu karɓar hoto ɗaya ko biyu tare da rubutaccen umarni, irin Gemini da ChatGPT. Hanyoyin aikinsu sun bambanta, amma sun yi tarayya a abu guda: abin da ba su gani a hoton ba, ƙirƙiro shi suke yi, kuma ba sa sanar da mutum cewa sun ƙirƙira.

Domin a fahimci yadda abin yake, a duba wata sananniyar hanya mai suna ArcFace, wadda wasu manhajojin zana fuska suka dogara a kanta. Da farko tana neman wurare biyar a fuska: idanu biyu, kan hanci, da kusurwoyin baki biyu. Da su take daidaita fuskar, ta yanke ta zuwa ɗan ƙaramin hoto mai fiksel 112 a faɗi da 112 a tsayi, sannan ta mayar da ita jerin lambobi 512. Waɗannan lambobi su ne mutumin a wurinta. Ba ta san sunansa ba, ba ta taɓa ganinsa yana magana ba, ba ta san kamar da yake yi da mahaifinsa ba. Idan inuwar hula ta rufe idanun, ko kuma an juya kai har kusurwar baki ɗaya ta ɓuya, to tun daga matakin farko lissafin ya karkace. Daga nan injin da ke zane zai cike giɓin da fuskar da ya fi sabawa da ita a cikin ɗimbin hotunan da aka horar da shi da su. Shi ya sa sakamakon kan fito kamar ɗan'uwan mutum na nesa da ya daɗe a ƙasar waje.

Kusurwa da tazara: selfi na ƙara hanci

Mafi yawan hotunan da ke cikin wayar matashi selfi ne, kuma selfi yana da wata illa da ido ya saba da ita har ya daina lura. A 2018 wasu masu bincike, ciki har da Dakta Boris Paskhover na Jami'ar Rutgers a Amurka, suka wallafa wani nazari a mujallar JAMA Facial Plastic Surgery. Sun nuna cewa hoton da aka ɗauka daga tazarar kusan santimita 30 yana sa hanci ya bayyana da faɗin da ya ƙaru da kusan kashi 30 cikin ɗari, amma daga tazarar mita ɗaya da rabi wannan ƙari kusan babu shi. Dalilin ba wani mai wuya ba ne. Idan waya na kusa, hanci ya fi kunnuwa kusa da kyamara sosai, sai ya yi girma su kuma su ƙanƙance su koma baya. Idan aka ja baya, bambancin tazarar da ke tsakanin hanci da kunne ya zama ba komai ba.

Ɗan Adam idan ya ga selfin abokinsa, ƙwaƙwalwarsa na gyara wannan da kanta domin ya san mutumin a zahiri. Manhaja ba ta san shi ba. Za ta ɗauki babban hancin da siririn haɓar a matsayin halittarsa, ta ɗora su a kan hoton da ya yi kama da wanda aka ɗauka daga nesa a situdiyo. Nan ne fuskar ke fitowa wani iri, ko da mutum ya kasa faɗin abin da ke damunsa da ita.

Maganin shi ne a miƙa wa wani wayar. Ya tsaya tazarar mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, wato kamar taku biyu, ya yi amfani da kyamarar baya, ya riƙe wayar daidai tsayin idon wanda ake ɗauka. Daga sama goshi ke girma, haɓa ta tsuke. Daga ƙasa kuma ƙofofin hanci da muƙamuƙi ne ke cika hoton. Babban hoton da za a dogara da shi ya zama na gaba da gaba, yadda za a ga kunnuwa biyu ko gefen fuska biyu daidai, kamar na fasfo. Idan manhajar na karɓar fiye da ɗaya, sai a ƙara biyu da aka ɗan juya kai dama da hagu, iyakar yadda har yanzu ana ganin idanu biyu. Waɗannan ne ke nuna mata tsayin hanci da tudun kumatu, abubuwan da hoton gaba da gaba ke ɓoyewa.

Akwai wani ƙaramin abu da ya kamata a kula da shi. Wayoyi da dama na juya hoton kyamarar gaba kamar madubi, dama ta koma hagu. Ga wanda ke da bille a kunci ɗaya, ko tabo a gira, haɗa selfin da aka juya da hoton kyamarar baya tamkar gaya wa manhajar magana biyu ne. Ko dai ta sa alamar a ɓangaren da ba nata ba, ko ta sa a duka biyun, ko ta share ta gaba ɗaya.

Haske: rana tsaka abokiyar gaba ce

Ana ɗauka cewa yawan haske shi ne kyawun hoto, kuma rana dai ba ta yi wa Kebbi rowa ba. Amma a wannan yanki, daga wajen ƙarfe sha ɗaya zuwa uku, rana na kusan tsakiyar ka ne, musamman a watannin bazara. Hasken na saukowa daga sama, sai goshi da karan hanci su yi ƙyalli saboda zufa, ramin idanu kuma ya yi duhu. Ga mai duhun fata abin ya fi tsanani, domin kyamara ba ta iya riƙe bayanin wuri mai tsananin haske da mai tsananin duhu a lokaci ɗaya. Dole ta sadaukar da ɗaya.

A nan ne farar shadda ke yin ɓarna. Kyamarar waya na auna hasken hoton gaba ɗaya. Idan mutum na sanye da fararen kaya, ko bayansa farin bango ne da rana ta haske, sai ta rage haske don kada farin ya ƙone, fuskar kuma ta nutse cikin duhu. Hoton zai yi kyau a ido, ɗinkin ya fito raɗau, amma idan aka zuƙo fuskar za a tarar babu komai sai baƙin fili da fararen idanu. Manhajar da aka bai wa wannan za ta yi hasashen launin fatar ne, kuma hasashenta ya fi karkata ga haske.

Wurin da ya fi dacewa yana nan a kusan kowane gida: bakin zaure, ko ƙofar ɗaki. Mutum ya tsaya taku ɗaya daga ciki, a inuwa, yana fuskantar waje, mai ɗauka kuma ya tsaya a waje ya ba hasken baya. Hasken da ke shigowa daga sarari da wanda ƙasa ke maidowa mai laushi ne, yana shiga ramin ido, yana fito da ainihin launin fata. Alamar an dace ita ce a ga ɗan ɗigon haske a cikin kowane ido. Da hantsi kafin rana ta yi zafi, ko bayan la'asar, su ne lokutan da suka fi. Kafin a ɗauka, a taɓa fuskar a kan allon wayar domin kyamara ta auna haske da ita, ba da rigar ba.

Ba kowace inuwa ce ke da amfani ba. Ƙarƙashin dogon yaro akwai daɗin zama, amma hasken da ke ratsowa ta ganye yana yi wa fuska dabbare-dabbare, manhajar kuma na iya ɗaukar hakan a matsayin tabon fata. Rumfar da aka rufe da shuɗin tamfol, irin na kasuwa, tana shafa wa fata shuɗi. Hasken ƙwan sola da dare, ko fitilar waya, yana sa fuska ta yi toka-toka. Lokacin hunturu kuwa hazo na tausasa rana, wanda alheri ne ga mai hoto, amma ƙura na zama a gilashin kyamara, fata kuma na yin furu-furu. A goge gilashin da gefen riga mai laushi, a ɗan shafa mai kaɗan, ba wanda zai sa fuska ƙyalli ba.

Kaifin hoto: a ƙirga fiksel ɗin fuska, ba na waya ba

Mutane na alfahari da megafiksel ɗin wayarsu, amma abin da ke da muhimmanci a nan shi ne fiksel nawa ne suka faɗa kan fuskar kanta. Lissafin mai sauƙi ne. Faɗin fuskar babban mutum ya kai kusan santimita 15. Idan aka ɗauki hoto a tsaye da babbar kyamarar waya daga mita ɗaya da rabi, faɗin abin da ke shiga hoton shi ma kusan mita ɗaya da rabi ne. Ke nan fuskar ta ci kashi ɗaya cikin goma na faɗin. A hoto mai megafiksel 12, wanda faɗinsa fiksel 3000 ne, fuskar ta samu kusan 300. Idan aka matso zuwa mita ɗaya, ta samu kusan 450. Wannan ya wadatar.

Yanzu a ce da wayar aboki aka ɗauka, ya turo ta WhatsApp yadda aka saba. WhatsApp na matse hoto har dogon gefensa ya koma kusan fiksel 1600, faɗin kuma 1200. Fuskar da ke da 300 ta dawo 120, kuma matsewar ta riga ta goge ƙananan abubuwa irin su gashin gira da layin zane. Hoto ɗaya ne, amma an zubar da fiye da rabin faɗin bayaninsa a hanya. Tun 2023 WhatsApp ya ƙara maɓallin HD, wanda ke rage asarar, amma hanyar da ta fi tabbas ita ce a tura hoton a matsayin Document, ko a wuce da shi ta Xender ko Bluetooth, yadda zai iso kamar yadda kyamara ta ɗauke shi. Hoton da aka sauko da shi daga Facebook, ko aka ɗauki hoton allo daga sitatus, ya sha matsa sau biyu ko uku, don haka shi ne na ƙarshe da za a duba.

Gwajin da kowa zai iya yi shi ne ya zuƙo hoton har ido ɗaya ya cika rabin allo. Idan ana iya bambance gashin ido, ana kuma ganin iyakar baƙin ido da farinsa a fili, hoton ya yi. Idan ya koma kamar zanen da ruwa ya taɓa, a ajiye shi.

Sai babbar matsalar, wato filta. Wayoyi da yawa da ake riƙewa a nan suna zuwa da gyaran fuska a kunne, musamman a kyamarar gaba, ƙarƙashin suna irin Beauty. Aikinsa shi ne ya sulɓe fata, ya ƙara mata haske, wani lokacin ya rage faɗin fuska ya ƙara girman ido. A wurinsa, zanen Kabawa ko na Gobirawa a kumatu, da tabon sujada a goshi, da ɗigon tawadar Allah, duk aibi ne da ya kamata a share. To amma su ne mutumin. Wanda ya ɗora hoton da filta ta riga ta wanke, sannan ya yi ƙorafin manhaja ta goge masa zane, ya manta cewa ba ta taɓa ganin zanen ba. Haka nan hoton da aka riga aka gyara da Remini bai dace ya zama madogara ba, domin kaifin da ake gani a jikinsa ƙirƙirarre ne. Ɗora shi a wata manhajar gina hasashe ne a kan hasashe. Ko yanayin Portrait da ke dusashe baya gara a kashe shi, domin yakan ci gefen kunne da bakin hula.

Yanayin fuska, hula da hijabi

Dariya na yi wa hoto kyau, amma tana sauya fuska gaba ɗaya: idanu su tsuke, kumatu su hau, hanci ya buɗe. Idan hoto ɗaya tak manhajar za ta gani, kuma na dariya ne, za ta ɗauka haka idanun suke ko da yaushe. Ɗaure fuska irin ta hoton katin shaida shi ma yana da tasa illar, domin gira na haɗewa, baki ya tsuke. Abin da ake so shi ne fuska a sake, baki a rufe ba tare da matsewa ba, ido a kan kyamara. Idan akwai damar hoto na biyu, a nan ne murmushi mai bayyana haƙora ke da amfani. Mai wushirya ya sani cewa idan manhajar ba ta ga wushiryar ba, aka kuma nemi ta zana shi yana murmushi, za ta jera masa haƙoran wani.

Hula da hijabi ba matsala ba ne in dai an kula. Hular da aka turo gaba tana rufe goshi tana jefa inuwa a ido, don haka a ɗan tura ta baya. Mai hijabi ba ta buƙatar cire shi, kuma bai kamata wata manhaja ta sa ta yin hakan ba. Abin buƙata shi ne a ga fuskar daga goshi zuwa ƙasan haɓa, kada bakin hijabin ya rufe gira ko ya ci gefen kumatu. Hijabi mai launi matsakaici ya fi fari fat ko baƙi wuluk sauƙi ga kyamara. Ga manhajojin da ke neman hotuna da yawa kuma, kada a ba su goma duk da hula ɗaya a jikin bango ɗaya, domin za su ɗauka hular da bangon ɓangare ne na mutumin, su riƙa dawo da su ko an nemi wani abu daban. Fuska ce ya kamata ta zama abu ɗaya da ba ya canzawa a cikin hotunan. Kwalliyar biki mai nauyi, wadda ke sauya siffar gira da hanci, ita ma filta ce, sai dai da hannu aka yi ta.

A gwada da misali

A ɗauka wani ɗalibi ne ɗan Fagada da ke karatu a jami'ar kimiyya da fasaha da ke Aliero, yana son hoto mai kamala da zai sa a shafinsa na neman aiki. Ya buɗe wayarsa ya ware hotuna biyar.

Na farko na ranar sallah ne, cikin farar shadda a filin idi, rana ta ɗaga. Shi ne ya fi so. Amma fuskar ta yi duhu, hula ta rufe goshi, ga tabarau. Wannan ya faɗi ta fuskar haske. Na biyu na 'yan ajinsu ne, su goma a jere, an turo a zauren WhatsApp. Mutum goma a jere na buƙatar fili mai faɗin kusan mita shida, kuma an matse wannan faɗin cikin fiksel 1600. Fuskarsa ta samu kusan fiksel 40 ke nan, bai ma kai rabin 112 ɗin da aka ambata a baya ba. Duk abin da manhaja za ta zana daga nan, nata ne ba nasa ba. Na uku selfi ne a ɗakin kwana da dare, waya a kusa da hanci, filta a kunne. Yana da kaifi a ido, amma hancin ya ƙaru, fatar ta sulɓe, billensa ya dusashe ya kuma koma ɗaya kuncin. Na huɗu hoton fasfo ne na takarda da ya ɗauka da waya. Kusurwar daidai ce, amma ƙyallin takardar ya ci rabin goshi, kuma tun yana sakandare aka yi shi, kafin gemu ya fito.

Na biyar wani abokinsa ne ya ɗauke shi ba shiri, a bakin ƙofar shago da yamma, cikin tsohuwar riga mai ruwan ƙasa, ba hula, ba murmushi. Bai taɓa sa shi a ko'ina ba domin a ganinsa bai yi kyau ba. Amma idanu biyu a buɗe suke da ɗigon haske a ciki, launin fatar daidai ne, billen ya fito, ana ganin layin gashin goshi da kunnuwa. Wannan shi ne hoton. Abin da ya rage shi ne ya karɓo asalinsa daga wayar abokin ba tare da matsewa ba, ya yanke shi daga ƙirji zuwa ɗan sama da kai. Idan kuma yana da minti biyar, ya koma bakin ƙofar nan a ƙara masa biyu na gefe da ɗaya na murmushi. Tsohuwar rigar ba ta da wani tasiri, tunda kaya ne abin da manhajar ta fi iya sauyawa.

Idan sakamako ya fito, shi ma yana faɗin inda aka yi kuskure. Hanci ya yi faɗi kunnuwa sun ɓace: an matso da yawa. Fata ta yi haske ko toka: haske ne ko filta. Idanu sun zama na wani: inuwa ce ko rashin kaifi. Kowane gwaji na fito da mutum daban: fuskar ta yi ƙanƙanta a hoton. Alƙalin da ya fi kowa kuwa ba mai hoton ba ne, domin kowa na son a ƙara masa kyau. A nuna wa ƙane ko yaya ba tare da an ce komai ba. Idan ya yi jim kafin ya gane, hoton bai yi ba.

Shin duk laifin mai hoto ne?

A'a, kuma masu cewa manhajojin na da nasu laifin suna da hujja. A 2017 kamfanin FaceApp ya nemi afuwa bayan an lura cewa wata filtarsa ta ƙara kyau tana haskaka fatar baƙaƙe. A 2018 Joy Buolamwini da Timnit Gebru suka gwada manhajojin tantance jinsi na manyan kamfanoni uku, suka tarar kuskurensu a kan mata masu duhun fata ya kai har kashi 34.7 cikin ɗari, alhali a kan maza masu hasken fata bai wuce kashi 0.8 ba. Wannan bincike ba kan zana fuska aka yi shi ba, amma ya tona asirin tushen matsalar: injin ya fi ƙwarewa a kan irin fuskokin da ya fi gani. Fuskar Bakabe mai zane ba ta cikin waɗanda ya saba da su.

Sai dai wannan hujja ƙarfafa maganar take yi, ba rushe ta ba. Idan an san cewa injin na karkata ga wata kama duk lokacin da ya rasa bayani, to wanda ya fi kowa buƙatar ba shi cikakken bayani shi ne wanda kamarsa ta fi nisa da abin da injin ya saba. Bature na iya ɗora hoto mai duhu ya tsira, domin hasashen injin na kusa da shi. Matashin Maiyama ba shi da wannan rangwame. Rubuta wa manhajar cewa kada ta sauya launin fata ko ta goge zane yana taimakawa, kuma ya kamata a rubuta, amma umarni ba ya maye gurbin abin da ba a nuna ba. Idan kuma an ba ta hoto mai kyawun haske da kaifi, ta ci gaba da wanke fatar, to a nan laifin nata ne, sai a bar ta a nemi wata.

Akwai iyaka guda da ya kamata a faɗa a fili. Hoton da ya cika duk waɗannan sharuɗɗa shi ne kuma hoton da ya fi sauƙin amfani wajen kwaikwayon mutum. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sanya bayanan halittar jiki da ake gane mutum da su cikin bayanai masu buƙatar kulawa ta musamman. Saboda haka fuskar da mutum ke da ikon ɗorawa ita ce tasa. Ta budurwa, ta matar aure, ta malami, ko ta yaro ƙarami, ba a ɗora ta a wata manhaja sai da sanin mai ita ko na iyayensa. Hoton da manhaja ta zana kuma, komai kamarsa da mai shi, ba na fasfo ko katin ɗan ƙasa ko fam ɗin jarrabawa ba ne.

Wanda ya yi niyyar gwadawa a wannan mako, kafin ya sayi data ko ya biya kuɗin wata manhaja, ya fara da abin da ba ya cin ko kwabo: ya kashe filta, ya goge gilashin kyamara, ya jira la'asar ta yi sanyi, ya tsaya a bakin zaure ya miƙa wa wani wayar. Hoton da zai fito ba zai burge kowa ba. Amma shi ne wanda idan manhaja ta gama sa masa kwat da lakataye, mutanen gidansu za su kalla su kira sunansa.